Gubar da ba ta da wari: yadda ake tsare numfashi a ma'ajiyar motoci ta ƙarƙashin ƙasa

Da yawa daga cikin alhazai da masu Umra sun taka farfajiyar Masallacin Manzon Allah a Madina ba tare da sun san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba. Can ƙasan marmarar nan akwai ma'ajiyar motoci mai hawa biyu, wadda ke ɗaukar mota sama da 4,000. Ana idar da salla sai direbobi su gangara, su tayar da injuna kusan a lokaci guda, a wurin da ba taga, ba rana, ba iskar Allah mai kaɗawa. Haka lamarin yake a ƙarƙashin manyan kantuna da otal-otal da ofisoshi a Landan, Dubai ko Alƙahira, kuma irin wannan gini yana ƙaruwa a Abuja da Legas saboda tsadar fili.

Duk inda aka rufe motoci a rami irin wannan, dole a ajiye manyan fankoki da za su fitar da hayaƙi. Tambayar da injiniyoyi suka daɗe suna fama da ita ita ce, yaushe fankar za ta juya, da wane ƙarfi, kuma wa zai ba ta umarni? Amsar da aka tsaya a kai yanzu ita ce wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ake mannawa a jikin ginshiƙi, yana auna gubar da ke cikin iska. Dabara ce mai rage kuɗin wuta ƙwarai, sai dai ta ɗora lafiyar mutane a wuyan wannan ɗan akwati, shi kuwa yana da wani mugun hali: idan ya mutu, yakan ci gaba da shaida cewa iska lafiya lau.

Gubar da ake farauta ita ce kabon monoksayid, wadda ake rubutawa CO a jikin na'urori. Tana fitowa ne idan fetur bai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Warin da mutum ke ji a bayan mota na sauran tarkacen hayaƙi ne. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, kuma riƙon da take yi masa ya ninka na oksijin sau 200 da ɗoriya. Shi ya sa kaɗan ma ta isa. Ana ƙidaya ta da ma'aunin ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan na iskar wurin. A ppm 200, lafiyayyen mutum kan fara ciwon kai bayan awa biyu zuwa uku. A ppm 800, jiri da tashin zuciya kan zo kafin awa guda ta cika. Fitarta daga jiki kuwa da nawa take yi: wanda ya koma iska mai kyau sai ya yi awa huɗu zuwa shida kafin rabin abin da ya shaƙa ya fita.

Wannan jinkiri shi ke nuna wanda ya fi shiga haɗari. Mai mota yakan yi minti biyar ya fice abinsa. Wanda ke kwasar gubar shi ne mai yankan tikiti a bakin ƙofa, da maigadi, da mai wankin mota, da direban da ke jiran maigidansa tun safe. Su ke wuni a ciki, jininsu na tarawa kaɗan-kaɗan, kuma ciwon kai da kasalar da suke tashi da su da yamma sau da yawa akan ɗora wa gajiya ko zazzaɓin cizon sauro.

Saboda haka dokokin gini ba sa duban adadi ɗaya tak, sukan haɗa yawan gubar da tsawon lokaci. Kundin dokar gini na Ingila mai kula da iska, Approved Document F, ya ce idan aka haɗa awa takwas aka raba, kada CO ya wuce ppm 30. A wuraren cunkoso kamar gangarar fita, an yarda ya kai 90, amma kada hakan ya wuce minti 15. Kundin ya kuma ba da hanya mai sauƙi ga wanda ba ya son dogon lissafi: ya sa fankokin da za su iya sauya iskar wurin gaba ɗaya sau shida a awa, sau goma kuma a inda motoci ke yin layi injinsu na aiki.

Lissafin gareji guda

A ɗauki misali da wata ma'ajiya a ƙarƙashin ginin ofisoshi, tsawonta mita 100, faɗinta mita 40, daga daɓe zuwa rufi mita 3. Za ta ci mota kamar 150. Iskar da ke cikinta kubik mita 12,000 ce. Sauya ta sau shida a awa na nufin fankoki su zuƙe kubik mita 72,000 kowace awa, wata sabuwa ta shigo ta gangara da ramukan shigar iska ta maye gurbinta.

A da, abin da ake yi shi ne a kunna fankokin a bar su dare da rana. A ƙaddara suna cin kilowat 8. A kwana guda sun sha yunit 192 na lantarki, har da tsakar dare da ranar Lahadi, lokacin da ko mota ɗaya ba ta motsi. Kowa ya san ƙarshen irin wannan tsari: wata rana manajan gini zai duba takardar kuɗin wuta, ko kuɗin man janareto, ya ce a kashe. Tsarin da ya fi ƙarfin aljihu ba ya daɗewa a kunne.

Abin da ya sa sarrafawa ke da riba shi ne wata ɗabi'ar fanka. Iskar da take turawa tana bin gudunta daidai wa daida, amma wutar da take ci tana faɗuwa fiye da haka nesa. Idan aka rage gudu zuwa rabi, iska ta koma rabi, wuta kuwa a lissafi ta koma kashi ɗaya cikin takwas. A aikace akwai asara nan da can, don haka a ce kilowat 8 ɗin nan ya koma 2. Idan fankokin suka yi awa 20 a rabin gudu, awa huɗu kacal a gudun sau shida, abin da za su sha a kwana yunit 72 ne maimakon 192. A shekara an tsira da yunit kusan 44,000. Na'urar da ke rage gudun ita ce wadda ake gani a akwatin wuta da sunan VFD, kuma ita ke karɓar umarni daga ma'aunan da ke jikin ginshiƙai.

To, yaushe ake bukatar ƙarfin? Mutum zai zaci safe da yamma ɗaya ne tunda motocin da suka shiga su ne za su fita. Ba haka ba ne. Motar fetur ta zamani tana da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda ke ƙarasa ƙona CO kafin ya fito, amma ba ta fara aiki sai ta yi zafin da ya kai digiri 250 zuwa 300. Motar da ta shigo da safe ta riga ta yi tafiya, matatarta da zafi, hayaƙinta kusan tsaf. Wadda ta wuni a ajiye kuwa ta huce, kuma a mintocin farko bayan an tayar da ita injin na shan fetur fiye da kima, matatar tana barci. Waɗannan mintoci su ne daidai lokacin da motar ke cikin ramin. Saboda haka tashin ofis ya fi zuwa ofis guba nesa ba kusa ba.

A koma ga misalin. Ƙarfe biyar ta yi, mota 120 za su fita cikin rabin awa, wato huɗu a kowane minti. A ce kowace na ɗaukar minti biyu daga tayarwa zuwa ficewa, tana zubar da giram 5 na CO a minti. Wannan adadi na misali ne, don ya danganta da irin motocin garin. Ke nan a kowane lokaci injuna takwas ke aiki, suna zuba giram 40 a minti. Giram 400 da 'yan kai kuwa sun isa su kai iskar garejin duka ppm 30. Idan fankoki na rabin gudu, cikin kusan kwata na awa za a tsallake 30, kuma da za a ci gaba a haka da an doshi 58. Idan suka hau gudun sau shida, lamarin zai tsaya wajen 29.

Sai kuma a ce sandar ƙofa ta maƙale, ko mai karɓar kuɗi yana neman canji. Layi ya taru, injunan da ke aiki sun koma 16. Yanzu ko gudun sau shida ba zai hana a doshi 58 ba, sai an buɗe fankokin gaba ɗaya zuwa sau goma kafin a sauko wajen 35. Kuma wannan lissafi ya ɗauka cewa gubar ta bazu ko'ina daidai, alhali a gaskiya a gindin gangarar fita take taruwa, daidai inda ɗakin mai tikiti yake. Sau da yawa gyara sandar ƙofa ya fi ƙara fanka amfani.

Matakan umarni

A Turai akwai ƙa'ida ta musamman ga ma'aunan gareji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba EN 50545-1, wadda ta fito a 2011. Ta ce ma'auni ya iya karanta CO daga 0 zuwa ppm 300, ta kuma sa matakai uku: 30, 60 da 150. Biyun farko ana duba matsakaicin minti 15 ne, na ukun kuwa minti ɗaya ya isa. Yadda aka saba amfani da su shi ne, a mataki na farko fankoki su ƙara gudu, a na biyu su buɗe gaba ɗaya, a na uku ƙararrawa ta kaɗa, allunan gargaɗi su haska cewa a kashe injuna a fita, a kuma hana wasu motoci shigowa.

Dalilin duba matsakaici a fili yake. Mota ɗaya da ta juya baya ta hura wa ma'auni hayaƙi a fuska tana iya sa shi nuna 100 na 'yan daƙiƙu, kuma bai kamata wannan ya tayar da fankokin gini duka ba. Amma jiran yana da farashi. A misalin nan, lokacin da matsakaicin minti 15 zai kai 30, ainihin iskar ta riga ta wuce nan da mintoci, fiye da rabin motocin ma sun fice. Shi ya sa mai tsara aiki da ya san abin da yake yi ba ya zama jiran 30. Ko dai ya sa gudun fanka ya riƙa hawa a hankali tun daga wajen 15 ko 20, ko kuma, a ginin da aka san lokacin tashinsa, ya sa agogo ya ɗaga gudun kafin ƙarfe biyar. Ma'auni sai ya zama mai lura da abin da agogo bai sani ba, kamar taron biki ko layin da ya taru ba zato.

Saukowa ma da ƙa'idarta. Idan aka ce fanka ta tashi a 30 ta kuma sauka a 30, za ta yi ta hawa da sauka kowane minti, har injinta ya gaji. Don haka akan bar tazara: ta hau a 30, kada ta sauko sai an koma ƙasa da 20, kuma sai ta yi aƙalla minti goma ko sha biyar tana aiki. A gudun sau shida, bayan motoci sun gama fita, gubar kan ragu da rabi duk bayan minti bakwai, in dai iskar na gauraya sosai. Fankokin kuma ba a so su tsaya cak ko da tsakar dare, domin akwai tururin fetur da danshi da zafi, waɗanda ma'aunin CO bai san da zamansu ba.

Akwai wani kuskure ƙarami a ido amma babba a aiki, wato a haɗa karatun ma'aunai duka a raba. Idan tara suna nuna 5, na goma da ke bakin gangara yana nuna 95, matsakaicinsu 14 ne, fanka za ta ci gaba da hutawa, mai tikiti na shan 95. Abin da ya dace shi ne a raba garejin shiyya-shiyya, kowace shiyya ta bi ma'aunin da ya fi nuna yawa.

Ma'aunan nawa ne, kuma ina ake sa su? Dokar makamashi ta jihar Kalifoniya a Amurka, Title 24, ta ce aƙalla ɗaya ga kowane murabba'in ƙafa 5,000, wato kimanin murabba'in mita 465. Garejin misalin nan zai bukaci tara, a ƙara ɗaya a gindin gangarar fita su zama goma. Tsayin da aka saba shi ne kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, daidai hancin mutum. Akwai masu cewa CO nauyi gare shi yana kwanciya a ƙasa, wasu su ce sama yake tashi. Gaskiyar ita ce nauyinsa kusan ɗaya ne da na iska, gauraya yake yi da ita. Abin da ya fi tsayi muhimmanci shi ne gurbi. Ma'aunin da aka manna kusa da inda sabuwar iska ke shigowa zai yi ta ba da labari mai daɗi har abada. Wurin da ya kamata a nema shi ne lungun da iska ba ta ratsawa, da inda motoci ke tsayawa, da inda mutane ke zama.

Lunguna su ne ciwon kan wannan aiki. Iska hanya mafi sauƙi take bi: ta shigo ta gangara ta miƙe zuwa bakin fankar zuƙa, ta bar kusurwoyi yadda ta same su. Tsohuwar dabara ita ce a shimfiɗa bututun ƙarfe ko'ina a rufi, da bakunan zuƙa sama da ƙasa. Sabuwar kuwa, wadda aka aro daga hanyoyin mota na cikin duwatsu, ita ce a rataya ƙananan fankokin tunkuɗa a rufi. Su ba sa fitar da iska waje, ingiza ta suke yi daga wannan zuwa wancan har ta isa babbar fanka. Amfaninsu ga sarrafawa shi ne ana iya kunna na shiyyar da ta gurɓace kaɗai. Iyakarsu kuma ita ce, idan babbar fankar ba ta aiki, sai dai su yi ta juya gubar a wuri ɗaya; ma'aunin kusa zai nuna sauƙi don an baza ta, amma ko giram ɗaya bai fita ba.

Ma'aunin da ya mutu idonsa biyu

A cikin ɗan akwatin nan akwai wata ƙwaya kamar ƙaramin batir, mai ruwan sinadari a ciki. CO na ratsa wata siririyar fata ya shiga, ya haɗu da sinadarin, sai a sami 'yar wutar lantarki daidai gwargwadon yawansa. Akwatin sai ya aika saƙo ta waya zuwa ɗakin sarrafawa. A tsarin da ya fi yaɗuwa, saƙon yana tsakanin 4 da 20 mA: 4 na nufin babu guba, 20 na nufin an kai ƙarshen ma'auni, ppm 30 kuma ya faɗa kan 5.6. An fara daga 4 ne da gangan, domin idan ɓera ya cinye waya ko wuta ta yanke, saƙon zai faɗi zuwa sifiri, ɗakin sarrafawa ya gane cewa matsala ce.

Wannan dabara tana kama yankewar waya, amma ba ta kama tsufan ƙwaya. Ƙwayar tana rauni a hankali, ruwanta na bushewa, musamman a wuri mai zafi da bushewar iska, kuma cikin 'yan shekaru take ƙarewa. Tana rauni tana rage abin da take faɗa. Ranar da ta mutu sarai, sauran kayan akwatin na nan da rai, koriyar fitila na ci, saƙon 4 mA na tafiya yadda ya kamata, allo na nuna 0. Kamar maigadi ne da barci ya sace a kan kujerarsa: duk mai wucewa zai gan shi a bakin aiki.

Hanya ɗaya tabbatacciya ta sanin gaskiya ita ce a ba ma'aunin gubar ya shaƙa. Mai gyara kan zo da 'yar tukunyar gas da aka san ƙarfinta, a ce ppm 100, ya kifa murfi a bakin ma'aunin, ya saki gas ɗin, ya jira minti ɗaya ko biyu. Idan allo ya nuna kusan 100, lafiya. Idan ya tsaya a 60, ƙwayar ta yi asarar kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinta, ma'ana duk lokacin da ta ce 30, ainihin abin da ke cikin iska 50 ne, kuma ƙararrawar 150 ba za ta kaɗa ba sai an kai 250. Akan sake saita ta idan raunin kaɗan ne, a canza ta idan ya yi yawa. Masu ƙera na'urorin sukan ce a yi wannan gwaji sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Gwajin kuma bai cika ba sai an bi saƙon har ƙarshe: fankar ta ƙara gudu da gaske? Iska na fita ta bututun, ko murfin cikinsa ya maƙale a rufe? Akwai fankar da ke juyawa da baya saboda an sauya wayoyi biyu lokacin gyara, tana ƙara kamar kullum, iskar da take ja kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Ko ba tukunyar gas, tarihin karatu yana tona asiri. Garejin ofis mai lafiyayyun ma'aunai yana nuna tudu biyu a kowace ranar aiki, ƙarami da safe, babba da yamma, sannan layi ya kwanta a ƙarshen mako. Ma'aunin da ya yi makonni a kan 0 alhali maƙwabtansa na hawa da sauka abin tuhuma ne. Dokar Kalifoniya ta mayar da wannan lura wajibi a kan na'urar kanta. Idan karatun wani ma'auni ya kauce wa na 'yan'uwansa da fiye da ppm 15 na tsawon lokaci, ko wa'adin saita shi ya wuce ba a yi ba, tsarin zai ɗauka ya lalace, ya mayar da fankoki cikakken gudun da aka tsara, ya kuma sanar da masu kula da ginin. Hikimar da ke ciki ita ce sakaci ya koma kan takardar kuɗin wuta, inda manaja zai gan shi da wuri, maimakon ya koma kan huhun ma'aikaci.

Akwai kuma ƙarya ta ɗaya ɓangaren, wato ma'auni ya yi ta ihu ba dalili. Ƙwayar CO tana ruɗewa da haidurojin, iskar da batiran ruwa ke fitarwa idan ana cajinsu. Inda aka jera batiran inbata a wani lungu na garejin, ma'aunin kusa zai riƙa nuna guba da tsakar dare babu mota ko ɗaya. Haɗarin a nan shi ne mutane su gaji da ƙarar, wani ya cire wayar ƙararrawa, ranar gaskiya kuma a yi shiru.

Abin da lissafin Turai bai hango ba

Alƙaluman da ake tsara gareji da su a Turai sun dogara ne da motocin can. Tun 1992 ƙa'idar hayaƙi ta Turai ta tilasta matata a sababbin motocin fetur, kuma ana duba ta a gwajin mota. A Najeriya da Nijar yawancin motoci na hannu ne, kuma ba sabon labari ba ne a cire matatar, wadda makanikai ke kira indomi, a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Motar da aka cire wa ita, ko injinta ya yi zafi, hayaƙinta bai tsarkaka ba. Ga kuma al'adar direba ya zauna a mota injin na aiki don ya sha sanyin na'ura. Direbobi takwas masu jira a haka, a motocin da ba matata, suna iya zuba abin da ya yi kusa da na lokacin tashin ofis, kuma su ba rabin awa suke yi ba. Wanda ya kwafo lissafin Landan ya dasa a Abuja ba gyara, fankokinsa za su wuni a sama, ribar wutar da ya yi alkawari ta zama labari. Janareto kuwa, idan dole ya zauna a ƙasa, sai da ɗakinsa daban da bututun hayaƙinsa har waje. Kuma fankokin garejin su kasance cikin kayan da yake ɗauka, don ɗaukewar wuta ba ta hana motoci tashi.

Ma'aunin CO ba ya ganin komai sai CO. Motar dizal kaɗan take fitarwa, tata gubar ita ce naitirojin dayoksayid, NO2, mai ƙona huhu, wadda matakanta a ƙa'idar Turai ppm 3, 6 da 15 ne kacal; duk garejin da motocin kaya ke shiga yana bukatar nasa ma'aunin. Motocin da ake mayarwa masu amfani da gas na CNG, idan tukunyarsu ta yi yoyo, iskar sama take tashi ta taru a rufi, gas ɗin girki kuwa ƙasa yake kwanciya, kuma kowanne da irin na'urar da ke gano shi.

Gobara ce ke ƙwace ragama daga hannun ma'aunai baki ɗaya. Dokar Ingila ta ce fankokin gareji su iya sauya iska sau goma a awa lokacin gobara, su jure zafin digiri 300 na awa guda, kuma a raba su gida biyu, kowane na iya ɗaukar rabin aikin da wutarsa daban, don kada lalacewar ɗaya ta tsayar da komai. Wannan ne ma ya sa fankokin misalin nan suke da ƙarfin da ya wuce bukatar yau da kullum. Da zarar na'urar gano gobara ta yi magana, duk umarnin tsimin wuta ya faɗi: manyan fankoki su tashi, VFD ta shiga yanayin da ba ta tsayawa don kare kanta ko da ta yi zafi. Fankokin tunkuɗa kuwa akan jinkirta su na 'yan mintoci, domin a farkon gobara hayaƙi kan tsaya a rufi ya bar iska mai kyau a ƙasa, kuma tayar da su da wuri zai dama shi ya sauko kan mutanen da ke neman ƙofa. Tsawon jinkirin ana fitar da shi ne daga lokacin da mutum na ƙarshe zai ɗauka daga lungu mafi nisa zuwa matakala.